Tambayoyi da Amsoshi Kan Horar da Sababbin Masu Duba Takardun Jarrabawa da Samfurorin Ma'auni

Mene ne samfurin ma'auni, kuma me ya bambanta shi da tsarin ba da maki?

Samfurin ma'auni amsa ce ta gaskiya wadda wani ɗalibi ya rubuta a ɗakin jarrabawa, manyan masu duba takardu suka zauna a kanta, suka amince da makin da ya dace da ita, sannan suka rubuta dalilin ba ta wannan maki. Ana kwafe ta a raba wa duk wanda zai duba takardun wannan darasi, domin ya riƙa auna sauran amsoshi da ita. Aikinta ɗaya ne da na mudun da 'yan kasuwa suka yarda da shi, wanda idan aka yi gardama kan awo ake ɗauko shi a gwada na kowa.

Tsarin ba da maki kuwa bayani ne a rubuce. Yana iya cewa insha'in da ya cancanci maki mai yawa shi ne wanda hujjojinsa suka wadatar kuma jimlolinsa suka tafi sumul, amma ba zai iya nuna wa malami iyakar wadatarwar ba. Malamar da ta shekara goma tana koyarwa a makarantar da ɗalibanta suka ƙware, da malamin da ɗalibansa da ƙyar suke haɗa sakin layi ɗaya, kowannensu zai karanta kalmar "wadatar" ya fahimce ta gwargwadon abin da idonsa ya saba gani. Samfurin ma'auni ne yake raba wannan gardama, domin yana ajiye musu takarda guda a gabansu, a ce ga irin aikin da ake nufi da maki shida cikin goma.

A ina ake amfani da wannan hanya a jarrabawar da muka sani?

Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952 kuma take shirya jarrabawa a Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya da Laberiya, da hukumar NECO mai hedikwata a Minna, wadda ta fara jarrabawar kammala sakandare a 2000, dukansu suna tara masu duba takardu a taron daidaitawa kafin a raba wa kowa kunshinsa. Malamai sun fi sanin wannan taro da sunan kodineshan. A can ne ake bin tsarin ba da maki tambaya bayan tambaya, a raba kwafin wasu amsoshin ɗalibai kowa ya duba, sannan a kwatanta abin da kowa ya bayar. Aikin yana da hawa-hawa: babban mai duba darasi yana sama, shugabannin rukuni suna ƙarƙashinsa, kowane shugaba kuma yana da mataimakan da yake bibiyar aikinsu. Sabon mai duba takardu yana shiga ne a matsayin mataimaki.

Takardun zaɓi-ka-cike da na'ura take dubawa ba su buƙatar wannan. Inda ake buƙatarsa shi ne duk inda ɗalibi ya rubuta amsa da hannunsa kuma sai mutum ya yanke hukunci, kamar insha'i, da adabi, da tarihi, da matakan warware lissafi.

Yaya ake zaɓen samfurorin?

A nan ne mafi yawan aikin yake, kuma ana yinsa kafin sababbin masu dubawa su iso. Da farko ana ɗebo takardu daga jarrabawar wannan shekarar, daga cibiyoyi daban-daban, na birni da na ƙauye, na makarantun gwamnati da masu zaman kansu, domin kada ma'aunin ya fito daga irin rubutun yanki ɗaya. Ana rufe suna da lambar ɗalibi da ta cibiya, sannan a kwafe su tun jan biro bai taɓa su ba.

Bayan haka kowane ɗan kwamitin manyan masu dubawa yana duba su shi kaɗai, ya rubuta makinsa a takarda dabam, ba tare da ya ga na abokinsa ba. Wannan sharaɗi bai kamata a sassauta shi ba, domin idan babban mai duba ya fara faɗin nasa makin, da wuya wani shugaban rukuni ya fito ya ce ya ga akasin haka, sai a tashi da amincewar da girmamawa ce ta haifar da ita, ba hujja ba. Sai kowa ya gama ake buɗe makin a jera. Takardar da makin 'yan kwamiti ya zo kusa da juna, kuma dalilansu suka zo ɗaya, ita ce ta cancanci zama samfuri. Wadda suka rabu a kanta nesa, misali wani ya ba 22 wani ya ba 34 cikin 50, ba a ɗaukar matsakaicin makin a ce an daidaita. Ko dai a gano cewa tsarin ba da makin ne yake da giɓi a gyara shi, ko kuma a ajiye takardar gefe. Abin da ƙwararru biyar suka kasa haɗuwa a kansa ba zai koya wa sabon shiga komai ba sai ruɗani.

Akwai kuskuren da kwamitoci suke yawan faɗawa, wato zaɓen takardun da suke da daɗin karantawa. Samfurin da ya yi kyau ƙwarai da wanda ya lalace ƙwarai suna da sauƙin samu, kuma kowa zai yarda da makinsu, amma ba a nan ɗalibai suka taru ba. Yawancin takardun da mataimaki zai buɗe suna tsakiya ne, inda maki biyu ko uku suke iya raba mai kiredit da wanda bai samu ba, don haka a tsakiyar ne ya kamata samfurori su fi yawa.

Samfuri nawa ya isa?

Babu adadi ɗaya da ya dace da kowane darasi. Abin da na ga yana aiki a tambayar insha'i shi ne a sami aƙalla samfuri biyu a kowane mataki na maki, ɗaya daga ƙasan matakin, ɗaya daga samansa, domin mai dubawa ya ga faɗin matakin, kada ya ɗauka cewa fuska ɗaya gare shi. Idan matakai biyar ne, samfuri goma ke nan, sai a ƙara biyu ko uku na takardu masu rikitarwa: gajeriyar amsa mai ma'ana, da doguwar amsa da ba ta taɓa tambayar ba, da wadda ɗalibi ya haddace daga gida ya zo ya juye. Idan suka wuce abin da mutum zai iya riƙewa a kansa, sai ya daina komawa gare su.

Inda ɗalibi yake da zaɓi tsakanin wasiƙa da muhawara da labari da jawabi, kowace tambaya tana buƙatar nata samfurin. Ba a auna labari da samfurin wasiƙar hukuma.

Me ake rubutawa a jikin samfurin?

Wannan ita ce tambayar da na fi so kwamiti ya daɗe a kanta, domin samfurin da aka rubuta wa maki kawai, ba dalili, rabin aiki ne. Bari mu ɗauki takardar insha'in Ingilishi ta WAEC, wadda ake neman ɗalibi ya rubuta kimanin kalmomi 450, kuma ake raba makinta 50 gida huɗu: 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na kiyaye ƙa'idojin rubutu da nahawu. A wannan kashi na ƙarshe ana cire rabin maki a kan kowane kuskure, wato kurakurai ashirin sun cinye goman baki ɗaya.

A ɗauka tambayar ta ce ɗalibi ya rubuta wa shugaban ƙaramar hukumarsa wasiƙa kan ƙarancin ruwan sha a garinsu, ya kawo matsaloli uku da hakan ya jawo, ya kuma ba da shawara. Kwamiti ya ba wata takarda 23. Bayanin da zai amfani sabon mai dubawa zai zo kamar haka. Abin da aka faɗa, 6: ɗalibin ya kawo matsaloli uku, ya faɗaɗa biyu da misali, wato makarar yara zuwa makaranta saboda layin rijiyar burtsatse da kuma cutar gudawa, amma ta ukun jimla ɗaya ce kawai, shawarar kuma ba ta wuce roƙon gwamnati ta taimaka ba. Tsari, 5: akwai adireshi biyu da kwanan wata da gaisuwar buɗewa, amma babu kan magana, kuma sakin layi na uku ya cakuɗa matsala da shawara. Sarrafa harshe, 9: ana fahimtarsa, sai dai jimlolin duk gini ɗaya ne, kuma ya buɗe da tambayar lafiyar iyalin shugaban, abin da bai dace da wasiƙar hukuma ba. Ƙa'idojin rubutu, 3: kurakurai goma sha huɗu, an zagaye kowanne a inda yake.

Sai kuma a ƙara layi biyu waɗanda sau da yawa ake mantawa da su: me ya hana a ba shi 7 a abin da aka faɗa, kuma me ya hana a sauke shi zuwa 5. Ya kasa kai wa 7 ne domin matsala ta uku ba ta sami bayani ba, bai sauka zuwa 5 ba domin ya taɓa dukan sassan tambayar. Wanda ya karanta waɗannan layuka biyu ya sami abin da zai yi aiki da shi a kan takarda ɗari masu zuwa, ko da babu wadda ta yi kama da samfurin a zahiri. Wanda aka ba lamba 23 kawai, zai riƙa neman takardar da ta yi kama da wannan a tsawo ko a kyan rubutu.

Wane tsari ake bi a ranar horon?

Ana farawa da takardar tambayoyin ita kanta. Yana da kyau sabon mai dubawa ya zauna ya tsara yadda shi zai amsa tambayar kafin ya ga amsar kowa, domin a nan yake gane cewa tambayar tana da sassa uku, ba biyu ba. Daga nan a karanta tsarin ba da maki tare, sannan a fito da samfurorin ma'auni ɗaya bayan ɗaya, da makinsu da bayaninsu a buɗe. Na fi son a fara da na tsakiya, sannan a hau sama a sauko ƙasa, domin wanda ya fara karanta takarda mai 42 zai ga duk abin da ya biyo baya a matsayin gazawa.

Mataki na biyu shi ne takardun gwaji. Su ma kwamiti ya riga ya yanke makinsu, amma ba a nuna shi. Kowa ya duba shi kaɗai, ya rubuta makin kowane kashi, ya miƙa wa shugaban rukuni, sannan a tattauna. Tambayar da shugaba zai yi wa mataimaki a nan ba "nawa ka ba shi?" ba ce, tunda ya riga ya gani a rubuce. Cewa zai yi: "Malam, wane samfuri ne wannan takarda ta fi kusa da shi, kuma ta fi shi ne ko ba ta kai shi ba? Nuna mana layin." Manufar ita ce mai dubawa ya saba da kafa hujja da abin da ke kan takarda, ya daina cewa jikinsa ne ya ba shi.

Mataki na uku shi ne takardun tantancewa, waɗanda ake dubawa ba tattaunawa, ba taimako. Sakamakonsu ne yake nuna ko za a danƙa wa mutum kunshin takardun ɗalibai. Kada a haɗa waɗannan kashi uku, kuma kada takardar da aka nuna a matsayin samfuri ta sake fitowa a tantancewa, domin a lokacin haddar mutum ake gwadawa, ba hukuncinsa ba.

Me ya sa ba za a nuna makin takardun gwaji tun farko ba, tunda koyo ake yi?

Domin duk wanda ya ga lamba kafin ya karanta, zai karanta ne yana neman abin da zai gaskata lambar, kuma zai samu. A ƙarshe zai tashi yana ganin ya yarda da kwamiti a kan kowace takarda, alhali ba a taɓa gwada nasa hukuncin ba.

Dubi abin da rufe makin yake tonowa. Wata sabuwar malama ta duba wata wasiƙa mai kama da ta ruwan shan nan, ta ba 7 da 8 da 14 da 6, jimla 35, inda kwamiti ya ba 23. Da aka zauna da ita sai aka ga abubuwa biyu. Rubutun hannun ɗalibin mai kyau ne, layukan a miƙe, babu goge-goge, kuma wannan kyan ya bi ta cikin kowane kashi, har ta ba tsari 8 ba tare da ta lura babu kan magana ba. Sannan ta ƙirga kurakurai takwas ne kawai maimakon goma sha huɗu, domin tana karantawa da sauri idonta yana gyara wa ɗalibin kalmomin da kansa. Maganin nata a bayyane yake: ta riƙa karanta takarda sau biyu, karatun farko don ma'ana da tsari, na biyu a hankali da biro a hannu don kurakurai, kuma ta yanke makin kowane kashi dabam, kada ta fara ƙudurta jimla sannan ta rarraba. Da an nuna mata 23 tun farko, da ta gyaɗa kai, kuma da ta tafi gida da kunshin takardu tana ƙara wa duk mai kyan rubutu maki goma.

Ta yaya ake gane irin matsalar mai dubawa daga makin da ya bayar?

Ana jera makinsa kusa da na kwamiti, takarda bayan takarda, a dubi bambancin kowace ɗaya da kuma ɓangaren da ya karkata. A ɗauka takardun tantancewa biyar ne, kuma kwamiti ya ba su 14 da 21 da 26 da 33 da 41, jimla 135.

Mai dubawa na farko ya ba 17 da 24 da 30 da 36 da 44. Ya ɗara kwamiti da maki uku ko huɗu a kowace takarda. Jimlarsa 151 ta fi ta kowa nisa da ta kwamiti, amma shi ne ya fi sauƙin gyarawa, domin ya jera takardun daidai kuma tazarar da ke tsakaninsu daidai ce, hannunsa ne kawai a sake. Idan aka duba kashi-kashi, sau da yawa za a tarar sassaucin a wuri ɗaya yake, misali baya cire maki a kan waƙafi da babban baƙi. Da an nuna masa wurin, sai ya dawo kan layi.

Na biyu ya ba 18 da 23 da 26 da 30 da 35. Jimlarsa 132, maki uku kacal tsakaninta da ta kwamiti, kuma wanda ya dubi jimla kawai zai ce wannan ya ƙware. Amma ya ƙara wa mafi rauni huɗu, ya rage wa mafi ƙwazo shida. Wannan mutum yana tsoron gefe ne, yana tattara kowa a tsakiya domin kada a ce ya yi kuskure babba, kuma wannan ɗabi'a ta fi yawa a wajen sababbi. Ɗalibin da ya fi cutuwa a hannunsa shi ne wanda ya yi aikin A1 ya tashi da abin da bai kai ba. Irin wannan ana mayar da shi ga samfurorin sama da na ƙasa, a sa shi ya faɗi da bakinsa abin da takarda mai 41 ta rasa har ya hana ta, kuma galibi ba ya samun abin faɗa.

Na uku ya ba 20 da 17 da 31 da 27 da 42. Jimlarsa 137 ta fi ta kowa kusa da 135, kuma shi ne ya fi hatsari. Ya ɗora takarda ta farko a kan ta biyu, ya ɗora ta uku a kan ta huɗu, wato bai ma jera su daidai ba. Ba a san abin da yake aunawa ba, kuma babu wani adadi da za a ƙara ko a rage a makinsa ya gyaru. Wannan sai an sake masa horo daga tushe da sababbin takardun gwaji, idan kuma ya sake yin haka, kada a ba shi takardu a wannan zagaye.

Saboda irin wannan ne ba a yarda da matsakaicin maki wajen tantance mutum. Kurakuran sama da na ƙasa suna cinye juna, sai lissafi ya fito tsaf alhali kowane ɗalibi ya sami abin da ba nasa ba.

Wane bambanci ne ake iya yafewa?

Kwamiti ne yake yanke wannan kafin a fara, gwargwadon darasi da yawan makin tambaya. Insha'i mai maki 50 dole a bar masa 'yar tazara, domin ƙwararru biyu ma suna iya bambanta da maki ɗaya ko biyu a sarrafa harshe. Tambayar lissafi mai maki 4 kuwa kusan babu tazarar da za a bari. Abin da bai kamata ba shi ne a faɗaɗa tazarar bayan an ga sakamako, don kawai masu dubawa sun yi ƙaranci kuma takardu sun yi yawa.

Shin darussa irin lissafi suna buƙatar samfuri, tunda amsa ɗaya ce?

Suna buƙata, sai dai abin da samfurin yake koyarwa ya bambanta. A takardar lissafi ana raba maki zuwa na hanya, wanda ake rubutawa M, da na daidaiton amsa, wato A, da kuma B, wanda ake bayarwa a kan wani sakamako shi kaɗai ba tare da an rataya shi ga hanya ba. Ƙa'idar ita ce makin A yana biyo bayan makin M ne. Ɗalibin da ya ɗauko hanyar da ta dace, ya sa lambobi a gurbinsu, sannan ya yi tuntuɓe a wajen tarawa, yana da M1 A0, wato ya sami makin hanya, ya rasa na amsa. Wanda ya bi gurguwar hanya amsar ta faɗo daidai bisa sa'a, yana da M0 A0.

Sabon malami yakan yi akasin haka a duka biyun, domin a aji ya saba da duban layin ƙarshe. Saboda haka samfurorin lissafi su ne takardun da suke nuna kuskure a tsakiyar aiki, da ɗalibin da ya tsallake mataki, da wanda ya bi wata hanya ingantacciya wadda ba ita aka rubuta a tsarin ba da maki ba. Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci, domin ɗalibi mai basira ne yake bin ta, kuma mai dubawa da bai taɓa ganin irinta a horo ba zai iya soke aikin gaba ɗaya.

Idan mai dubawa bai yarda da makin samfuri ba fa?

A saurare shi a wurin taron, kuma a nemi ya nuna hujjarsa a kan takardar. Wani lokaci yana da gaskiya: kwamiti ya tsallake kuskure biyu, ko kwafin ya fito dishi-dishi har wasu alamomin rubutu sun ɓace, ko shafi ɗaya ya faɗi wajen kwafewa. Idan haka ne, babban mai duba ne zai gyara, kuma gyaran ya isa ga kowane rukuni a rana ɗaya, kada wani ɗaki ya yi aiki da sabon maki wani da tsoho.

Idan kuwa saɓanin na ra'ayi ne, misali yana ganin cire rabin maki a kan kowane kuskure ya yi tsanani, to yana da damar rubuta wannan a rahotonsa, amma ba shi da damar aiwatar da ra'ayinsa a kan takardun da ke hannunsa. Ɗalibar da takardarta ta faɗo hannunsa da wadda tata ta faɗa hannun na kusa da shi jarrabawa ɗaya suka rubuta, kuma ba su suka zaɓi mai duba musu ba. Wannan ya shafi tsofaffin hannu fiye da sababbi, domin wanda ya shekara goma sha biyar yana wannan aiki yakan zo da ma'aunin bara a kansa, ya ɗauka taron daidaitawa na yara ne. Shi ma ya duba takardun tantancewa kamar kowa.

Za a iya amfani da samfurorin bara?

Don nuna wa sabon shiga yadda aikin yake kafin taro, ana iya yi. Don auna takardun bana, ba a yi. Tambaya ta canja, kuma abin da ya zama cikakkiyar amsa ga wasiƙar ruwan sha ba shi ne cikakkiyar amsa ga muhawara kan makarantar kwana ba. Amfanin na bara yana wajen kwamiti, wanda zai ajiye su kusa da na bana ya tabbatar cewa aikin da aka ba 30 bara ba a ba irinsa 36 bana ba.

Mutum ya ci tantancewa. An gama da samfurori ke nan?

Ba a gama ba, domin hannu yana gocewa a hankali ba tare da mai shi ya sani ba. Wanda ya duba takardu sittin marasa ƙarfi daga cibiya ɗaya, idan ya ci karo da matsakaiciya sai ta yi masa kama da gwaninta, ya ba ta fiye da haƙƙinta. Haka nan wanda ya fito daga kunshin makaranta mai ƙarfi zai matse wa na gaba. Gajiya ma tana da nata tasiri, domin kurakuran da ido yake kamawa da safe ba su yake kamawa bayan sallar isha'i ba, musamman idan ranar mayar da takardu ta matso.

Saboda haka samfurorin suna zama a kan tebur har ranar ƙarshe. Mai dubawa ya sake karanta biyu ko uku kafin ya fara aikin kowace rana, da kuma duk lokacin da ya buɗe kunshin sabuwar cibiya. Shugaban rukuni kuma ya karɓi kashin farko na takardun mataimaki da wuri, tun bai yi nisa ba, ya sake duba wasu da ya zaɓa da kansa daga sama da tsakiya da ƙasa, kada ya bari mataimaki ya zaɓo masa. Inda ake duba takardu a kan kwamfuta, ana cusa takardun da aka riga aka yanke makinsu a cikin aikin mutum ba tare da ya gane su ba, idan ya kauce a dakatar da shi har shugabansa ya yi magana da shi. Inda ake aiki da takarda da jan biro, bibiyar shugaban rukuni ce take maye gurbin wannan, kuma idan ya tarar hannun mataimaki ya goce, ba takardun da ya zaɓa kaɗai za a gyara ba, sai an koma kan duk abin da mataimakin ya duba tun daga bibiyar da ta gabata.